Wasiƙar neman kuɗin gyaran aji daga hukumar makaranta: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da shugabannin makarantu kan yi idan aji ya lalace, kuɗin gyaran kuma ya wuce abin da dokar makaranta ta ba su ikon kashewa su kaɗai. Za mu bi misali guda har ƙarshe: ginin ajujuwa biyu, 4A da 4B, wanda rufinsa ke yoyo har silin ya fara ruftowa. Alƙaluman da ke ciki na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Me hukumar take so ta gani a wasiƙar tun farko?

Abin da za ta yanke hukunci a kansa. Membobin hukuma mutane ne masu nasu ayyukan, wasu sai a wurin taron za su buɗe takardar. Idan sakin layi na farko ya tafi a tarihin ginin da wahalar da yara ke sha, sai a kai ƙarshen shafi ba a san nawa ake nema ba, taro ya watse a kan "a sake kawo mana cikakken bayani". Wannan amsa kuwa tana nufin wata guda ko zango guda ya tafi, ruwa na ci gaba da cin katako.

Saboda haka jimlar farko bayan gaisuwa ta ɗauki abu huɗu: wane aiki ne, a wane aji, nawa ne kuɗin, wa ake so ya yi. Sauran wasiƙar duk hujja ce ta kare wannan jimla. Hanya mai sauƙi ta gwada wasiƙarka ita ce ka tambayi kanka ko sakataren hukuma zai iya kwafe jimlar nan kai tsaye cikin littafin taro a matsayin ƙuduri. In sai ya sake tsara ta, to buƙatar ba ta fito ba tukuna.

Yaya zan bayyana ɓarnar ba tare da a ga na zuzuta ba?

Ka faɗi abin da ido zai gani da abin da awo zai tabbatar. "Ajin ya lalace matuƙa" ra'ayinka ne, wani memba na iya cewa ai shi ya gani, da sauran dama. Amma idan ka rubuta cewa ruwa na sauka a wuri biyar, falle uku na silin sun faɗo a 4A, an kwashe yara zuwa ɗakin karatu, wanda shi ma ya daina aikinsa saboda haka, babu mai gardama da kai. Ka haɗa da hotuna huɗu zuwa shida masu ɗauke da kwanan wata, kowanne da layi guda a ƙasansa da ke faɗin wane aji ne, wace kusurwa ce.

Sannan ka raba alama da musabbabi, don a nan ne yawancin kuɗin gyara ke salwanta. Tabon ruwa a silin alama ce. Musabbabin yana sama: kwano ya yi tsatsa a bakin ƙusa, ko haɗin kwanon ya yi gajere iska na tura ruwa ta ƙarƙashi, ko magudanar ruwan rufin ta toshe. Wanda ya nemi kuɗin canza silin da fenti kawai zai dawo gaban hukumar nan da buƙata iri ɗaya da zarar ruwan sama ya sake sauka, kuma a karo na biyu ba za a saurare shi da kunnen farko ba. Kafin ka rubuta komai, ka sa kafinta ya hau cikin rufin da fitila, ya soka katakon da tsinin ƙarfe. Wanda ya ruɓe ko gara ta ci zai nutse ba tare da an matsa ba. A ƙirga su, a yi musu alama da alli.

Tsagewar bango kuwa kada ka yanke mata hukunci da kanka. Siririyar tsaga a kan filasta yawanci ba ta wuce filastar ba. Amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ake ganinta ciki da waje, ko take ƙara faɗi daga mako zuwa mako, tana iya nufin harsashin ginin na motsi. Wannan aikin injiniya ne, rahotonsa ya riga takardun farashi.

Takardun farashi nawa zan nemo, kuma me ya sa a kan ce uku?

Ka fara duba dokar kuɗi ta makarantarku ko ta hukumar ilimin da ke sama da ku, don ita ke faɗin adadin, kuma yawanci adadin na ƙaruwa da girman kuɗin: ƙaramin aiki takarda ɗaya, matsakaici uku a rubuce, babba kuma sai an buɗe gasar neman kwangila. Inda doka ta yi shiru, uku shi ne abin da aka saba. Da takarda ɗaya ba ka da ma'auni. Da biyu, in sun yi nisa da juna, ba ka san wace ce ta kauce ba. Ta ukun ce ke nuna inda kasuwa ta tsaya.

Idan ka nemi mutum biyar uku suka amsa, ko biyu ma, ka faɗi haka a wasiƙar, ka ajiye kwafin gayyatar da ka aika. Hukuma na iya karɓar biyu in ta ga an yi ƙoƙari. Abin da ba ya gyaruwa shi ne a cike gurbin da takardar bogi.

Na samu uku amma farashinsu ya yi hannun riga. Ina matsalar?

Kusan kullum matsalar tana wurin tambayar da aka yi musu. An kira kowane ɗan kwangila daban, an nuna masa ajin da hannu an ce "nawa za ka gyara?", sai kowa ya gyara ajin da ke cikin kansa. Wani ya ƙirga canza kwano duka, wani faci kawai, wani ya haɗa da fentin da ba a nema ba. Takardu uku ne a hannunka, amma na ayyuka uku daban.

Maganinsa shi ne kai ka rubuta jerin aikin, shafi ɗaya, ka ba kowa kwafi iri ɗaya. A misalinmu kowane aji mita 9 ne da mita 7, wato murabba'in mita 63, biyun 126. Wannan shi ne faɗin silin. Rufin ya fi haka saboda gangara da leɓen da ya fito waje, ya kai kimanin murabba'in mita 160. Jerin zai ce a cire tsohon kwano a sa sabo mai kauri kaza, a canza katako 20 da aka yi wa alama da wanda aka shafa wa maganin gara, a sa sabon silin, a yi wa silin da bangon ciki fenti shafe biyu, a kwashe tarkace daga harabar makaranta. Ka nemi kowa ya sa farashin kowane layi daban, kaya daban, ladan aiki daban, ya kuma faɗi ko haraji na ciki.

Ga abin da kan faru ko da an yi haka. Na farko ya kawo 4,150,000, na biyu 4,820,000, na uku 5,600,000. Kallo ɗaya za a ce na farko ya ci. Da aka bi layi-layi sai aka ga bai sa canjin katako ba, bai sa kwashe tarkace ba, kwanon da ya rubuta kuma ya fi wanda aka nema siranta. Aka koma masa a rubuce ya cike giɓin: katako 520,000, tarkace 90,000, bambancin kwano 310,000. Nasa ya koma 5,070,000. Na uku ya haɗa da fentin waje na 400,000 da ba a nema ba, da aka cire ya sauko 5,200,000. Na biyu ya bi jerin yadda yake, bai motsa daga 4,820,000 ba. Wanda yake na tsakiya da farko shi ne mafi araha a gaskiya, da ratar 250,000 tsakaninsa da mai bi masa.

Wannan daidaitawar ita ce zuciyar wasiƙar. Ka sa ta a takarda guda ta kwatanci, farashin farko, abin da aka ƙara ko aka cire, farashin ƙarshe. Kada kuma ka cike giɓin da naka hasashen. Ɗan kwangilar ne zai rubuta ƙarin da hannunsa ya sa hannu. Kuma kada ka faɗa wa ɗaya farashin ɗaya don ya sauko. Ranar da hakan ya fito, duka ukun sun zama abin tuhuma.

Yaya zan gane takardar farashi ta kirki?

Tana ɗauke da sunan mai aikin ko kamfaninsa da adireshi da hanyar samunsa, da kwanan wata da sa hannu. Tana faɗin irin kayan da kaurinsu da yawansu. Tana faɗin kwana nawa aikin zai ci, yadda za a biya, tsawon garantin aikin, da kuma har zuwa yaushe farashin zai tsaya. Layi ɗaya mai cewa "gyaran rufi da silin" da dunƙulallen kuɗi a gabansa ba abin da za a iya riƙe mutum da shi gobe.

Ka kuma lura ko abin da aka ba ka tsayayyen farashi ne ko ƙiyasi. Ƙiyasi hasashe ne, mai shi na iya cewa daga baya kaya sun tashi. Tsayayyen farashi alkawari ne na yin aikin da aka jera a kan kuɗin da aka rubuta muddin an karɓa cikin wa'adinsa. Hukuma na buƙatar na biyun.

Akwai kuma takardu uku da mutum ɗaya ya kawo. Membobin da suka daɗe a hukuma sun san alamominsu: rubutun hannu iri ɗaya, kuskuren rubutu iri ɗaya a wuri ɗaya, lambar waya ɗaya a kan kamfani biyu, ko farashin kowane layi ya ɗara na ɗaya takardar da kaso iri ɗaya cif. In wani ya ce maka "bari in kawo maka sauran biyun don in rage maka wahala", ka gode masa ka nemo da kanka.

Dole ne in zaɓi mafi araha?

Ba dole ba ne sai in dokarku ta ce haka, amma nauyin bayani yana kanka duk lokacin da ka tsallake shi. Dalilan da ke karɓuwa su ne waɗanda za a iya dubawa: mai arahar ba zai gama kafin a dawo hutu ba, ko ya ƙi ba da garanti, ko an je an ga aikinsa na baya yana yoyo. "Mun saba da shi" ba dalili ba ne a gaban mai binciken kuɗi.

Wasu shugabanni kan miƙa takardun uku su ce hukuma ta zaɓa, suna ganin hakan ladabi ne. A ganina gudun nauyi ne. Kai ka hau ka gani, kai ka yi magana da masu aikin. Ka ba da shawararka a fili da dalilinta, hukuma ta karɓa ko ta saɓa.

In ƙara wani abu a kan farashin don abin da ba a zata ba?

Ka ƙara, amma a layinsa daban da sunansa, kuɗin ko-ta-kwana. Gyaran tsohon gini ba ya rasa ɓoyayyen abu, musamman rufi, don akwai katakon da ba a ganin samansa sai an ɗaga kwano. Kashi 10 cikin 100 shi ne abin da aka fi sawa a irin wannan aiki, a tsohon gini sosai a kan kai 15. A misalinmu kashi 10 na 4,820,000 shi ne 482,000, jimlar da ake nema ta zama 5,302,000.

Abu biyu ke sa hukuma ta yarda da wannan layi. Na farko, ka faɗi wa ke da ikon taɓa shi: misali ba a kashe ko kaɗan sai da sa hannun shugaban hukuma da ma'aji, bayan an ga hoton abin da aka tarar. Na biyu, ka sa ɗan kwangila ya rubuta farashin kowane ƙarin katako tun kafin a fara. A ce ya rubuta 24,000. Aka ɗaga kwano aka tarar da ƙarin shida sun ruɓe, lissafi ya fito da kansa, 144,000, babu ciniki a ƙarƙashin buɗaɗɗen rufi, lokacin da kai ne mai gaggawa shi kuma ya sani. Ragowar 338,000 ta koma asusun da ta fito. Kuɗin ko-ta-kwana na makaranta ne, ba a sa shi cikin yarjejeniyar ɗan kwangila.

Sai na faɗi inda kuɗin zai fito? Ba aikin hukuma ba ne?

Amincewa aikinta ne, amma tambayar farko da ma'aji zai yi ke nan, gara ka riga shi. Ka zauna da akawun makaranta kafin taro ku ga abin da ya rage a kason gyare-gyare na bana. A misalinmu 3,500,000 ya rage, giɓin 1,802,000 ne, ana neman a ɗauko shi daga asusun ajiya. Ɗaukar kuɗi daga wani kaso zuwa wani shi ma yana buƙatar amincewa, don haka ka sa shi cikin buƙatar a fili. Ka kuma faɗi abin da hakan zai jawo: kason gyara zai ƙare, duk wani gyaran da ba na gaggawa ba sai baɗi. Kuɗin da aka bayar don wata manufa ta musamman, kamar tallafin sayen littattafai, ba a taɓa shi don rufi sai da izinin wanda ya bayar, a rubuce.

Yaya wasiƙar kanta za ta kasance?

Shafi ɗaya, in ta yi tsawo ɗaya da rabi. A sama adireshin makaranta, kwanan wata da lambar wasiƙa, sai "Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwa, ta hannun Sakatare". Ga gangar jikinta:

Neman amincewa da kasafin gyaran rufi da silin na aji 4A da 4B

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran membobi, ina roƙon hukuma ta amince da kashe kuɗin da bai wuce 5,302,000 ba don canza rufi da silin na aji 4A da 4B, ta kuma amince a ba ɗan kwangila na biyu aikin a kan 4,820,000, sauran 482,000 su tsaya a matsayin kuɗin ko-ta-kwana.

Rufin yana yoyo a wuri biyar. Falle uku na silin sun faɗo a 4A, don haka mun rufe ajujuwan biyu mun mayar da yaran ɗakin karatu da zauren taro. Kafintan da ya duba cikin rufin ya tarar kwanon ya huje a bakin ƙusoshi, katako 20 kuma sun ruɓe. Rahotonsa da hotuna suna haɗe a rataye na 1.

Mun ba 'yan kwangila uku jerin aiki iri ɗaya, rataye na 2. Bayan an daidaita takardunsu a kan wannan jeri, farashin ya tsaya a 5,070,000 da 4,820,000 da 5,200,000. Ina ba da shawarar na biyu saboda shi ne mafi araha a kan cikakken aikin, zai gama cikin mako uku, ya kuma ba da garantin wata 12. Takardun uku da kwatancinsu suna rataye na 3. Ba ni da dangantaka ko wata hulɗar kasuwanci da ko ɗaya daga cikinsu.

Za a ɗauki 3,500,000 daga kason gyare-gyare, ina kuma roƙon a amince da ɗauko 1,802,000 daga asusun ajiya. Ba za a taɓa kuɗin ko-ta-kwana ba sai da sa hannunka da na ma'aji.

Farashin da aka ba mu na kwana 30 ne daga ranar da ke kan takardar, kuma muna so a yi aikin cikin hutu mai zuwa. Saboda haka ina roƙon a yanke hukunci a taron nan. Zan kawo wa hukuma rahoton kuɗi da rasitai a taron farko bayan kammala aiki. Duk memban da ke son ganin ajujuwan kafin taro, a shirye nake in zagaya da shi.

Na gode. Allah ya ƙara girma.

Sai sa hannu, suna, muƙami da hatimin makaranta, da jerin abubuwan da aka rataya. A wasiƙar gaske sunan ɗan kwangilar da ainihin ranar ƙarewar farashin za su fito a rubuce. Ka lura da "bai wuce" a jimlar farko: iyaka ake nema, don in an kashe ƙasa da haka ba sai an sake taro ba, in kuma za a haura dole a dawo.

Ɗan kwangila ya ce sai an ba shi rabin kuɗin kafin ya fara. In sa haka a wasiƙa?

Ka sa tsarin biyan a wasiƙa ko a ratayenta, don hukuma ta amince da shi tare da kuɗin. Kafin alƙalami ba laifi ba ne in dokarku ta yarda, ƙananan masu aiki da yawa ba su da jarin sayen kwano da katako. Ƙa'idar ita ce kada kuɗin da ya fita ya yi wa aikin da ke ƙasa nisa. Tsari irin wannan yana aiki: kashi 30 idan an sa hannu a yarjejeniya, a ga kayan sun sauka a makaranta, kashi 40 idan rufi ya hau an duba shi, kashi 25 idan an kammala, kashi 5 a riƙe na wasu watanni. A misalinmu abin da za a riƙe 241,000 ne. Ga aikin rufi, wa'adin riƙon ya kamata ya kai har ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a kansa, don a rana kowane rufi lafiyayye ne. Kuma a duba katako da haɗin kwano kafin a rufe silin. Da zarar silin ya hau, babu mai sake ganin abin da ke sama.

A biya ta banki, zuwa asusu mai sunan da ke kan takardar farashi.

Ɗaya daga cikin masu takardun ɗan'uwan wani memba ne, ko nawa. Ya zan yi?

Ka faɗa a rubuce tun kafin wani ya faɗa. In memba ne, ya bayyana alaƙar, ya fita lokacin da ake tattauna batun, kada ya jefa ƙuri'a, a kuma rubuta fitarsa a littafin taro. In kai ne, ka cire hannunka daga kwatanci da shawara, mataimakinka ko kwamitin gine-gine su yi. Wasu dokokin sun hana irin wannan kwangila gaba ɗaya, ka duba taku. Ko da farashinsa shi ne mafi kyau, ɓoye alaƙar kaɗai ya isa ya ɓata aikin.

Silin na shirin faɗo wa yara, taro kuma sai nan da wata biyu. In jira?

Kada ka jira wajen kare rai. Ka fitar da yara, ka kulle ajin, ka kashe wutar lantarkin ɓangaren in ruwa na kusa da waya, ka sanar da shugaban hukuma a ranar, a rubuce. Ƙaramin kuɗin tare ɓarna, kamar shimfiɗa tamfol ko sauke fallen da ke lilo, yawanci yana cikin ikonka. Babban gyaran kuwa ka nemi taron gaggawa, ko amincewar shugaba da ma'aji in doka ta ba su wannan iko, a kai wa cikakken taro daga baya ya tabbatar.

Dabarar da za ka guje wa ita ce yanka aikin gida-gida, rufi daban, silin daban, fenti daban, don kowanne ya faɗo ƙarƙashin iyakar abin da za ka iya kashewa kai kaɗai. Masu binciken kuɗi wannan suke fara nema: rasitai uku, mutum ɗaya, aji ɗaya, mako ɗaya.

Gargaɗi guda game da tsofaffin gine-gine: wasu fallayen silin da na rufi na da can an yi su da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan gini, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. In ana zargin haka, kada ka sa masinja ko ɗalibai su farfasa ko su share. A bar shi yadda yake, a nemo wanda ya san aikin, cirewa da zubarwar kuma su zama layi mai zaman kansa a jerin aiki, don suna canza farashi sosai.

Idan hukuma ta ce kuɗin ya yi yawa fa?

Ka shiga taron da rabon aikin a aljihunka. A misalinmu rufi da katako ba sa jira, silin na iya biyo baya, fenti shi ne na ƙarshe. Da yake kowane layi na da farashinsa, za a iya yanke na farkon nan take ba tare da an nemo sababbin takardu ba, sai dai ka tambayi ɗan kwangilar tun kafin taro ko farashin layukan zai tsaya in an raba aikin, don dawowa karo na biyu yana da nasa kuɗin sufuri da kafa tsani. Abin da bai kamata ka yarda da shi ba shi ne a rage kuɗin a bar jerin aikin yadda yake. Mai aikin zai karɓa, ya fanshe a kaurin kwano da tazarar katako, inda ba ka gani.

In aka ɗage hukuncin, ka duba wa'adin farashin a ranar. In zai ƙare kafin taro na gaba, ka nemi duka ukun su tsawaita a rubuce. Wanda ya ce farashinsa ya canza ya kawo sabuwar takarda, ka sake kwatancin daga farko, don ratar 250,000 na iya rufewa da tashin kuɗin kwano kaɗai.

An amince. Me ya rage kafin a fara aiki?

Ka karɓi ƙudurin a rubuce daga sakatare, da kuɗin da sunan ɗan kwangilar a ciki, kafin ka ce wa kowa ya kawo kaya. Amincewar baki a ƙofar ɗakin taro ba ta kare ka. Sai wasiƙar ba da aiki ko gajeriyar yarjejeniya da ke ɗauke da jerin aikin, farashi, ranar farawa da ta gamawa, tsarin biya, farashin ƙarin katako da garanti, ku sa hannu ku biyu da shaida. Ka rubuta wa sauran biyun cewa ba su samu ba, don su amsa maka in ka sake nema.

Duk wani canji a tsakiyar aiki a rubuta shi da farashinsa kafin a yi. In an gama, wani memba ko kwamitin gine-gine ya zagaya da jerin aikin a hannu yana duba layi-layi, a rubuta abin da ya saura, a gyara kafin a biya kashi 25 ɗin. Rahoton da za ka mayar wa hukuma ya nuna abin da aka amince, 5,302,000, abin da aikin ya ci, 4,964,000 har da ƙarin katako shida, abin da aka riƙe da ranar sakinsa, da ragowar 338,000 da aka mayar asusun ajiya, tare da rasitai da hotunan ajujuwan daga kusurwoyin da aka ɗauki na farko.